Asiransi sun ƙi biyan maganin maiɗakina, ƙaƙa zan rubuta musu?

Na Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san harkar asiransi ya taimaka min da shawara. Maiɗakina na fama da kansar mama, an yi mata aiki, an fara shimiyo, sai likitan ya ƙara wani magani Trastuzumab ya ce za a riƙa sa mata ta ruwa kowane sati 3 har shekara guda. Muna da asiransi ta wurin aikina, kashi 80 suke biya. Na sayi na zagaye biyu da kuɗina, kwalba 7, kowace jikka 200, miliyan 1 da jikka 400 ke nan, na kai faktir sai ga takarda wai sun ƙi. Dalili biyu suka sa, wai ban nemi izininsu ba kafin in saya, wai kuma babu isasshiyar hujjar likita. Na rubuta wasiƙa shafi uku ban kai ba tukuna, na faɗi halin da muke ciki, yara, bashin da na ci, shekarun da ake cire min kuɗi a albashi. Ya isa ko akwai abin ƙarawa?

Hajiya ta Mokoyo: Allah shi ba ta lahiya, Allah shi sa kaffara ne. Ni dai shawarata ka samu wani babba da ya san darakta shi yi maka magana, ƙasar nan takarda ba ta tahiya sai da ƙahwa.

Ɗan Tibiri: Ƙahwa me Hajiya, kotu kawai! Waɗannan in ba su ga wisiye a ƙofa ba ba su motsi.

Tsohon ɗan asiransi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba madam lafiya. Ƙanena, wasiƙar nan ta shafi uku ka aje ta, kar ka kai. Ba don abin da ka faɗa ƙarya ne ba, sai don wanda zai karanta ba shi da ikon biyan kuɗi saboda tausayi. Na zauna a irin wannan biro, dosiye in ya dawo abu ɗaya ake dubawa, shin dalilin da muka rubuta na ƙi yana nan ko an rushe shi. Sun ba ka dalili biyu, to wasiƙarka amsa biyu ce, kowace da takardar da ke tsaya mata. Kuma ka gode Allah sun rubuta maka, wasu da baki ake gaya musu a gishe su koma gida ba su da abin riƙewa.

Na biyun nan, hujjar likita, shi ne babba kuma shi ne mai sauƙin gyara. Me da me ka haɗa da faktir ɗin lokacin da ka kai?

Na Bagalam: Ordonansi da faktir na famasi, sai wata ƴar takarda da likita ya sa tampo cewa tana jinya a wurinsa.

Tsohon ɗan asiransi: To ka gani. Likitan kamfani, wanda muke ce wa medisan konsai, bai taɓa ganin matarka ba, abin da ke gabanshi ordonansi ce ta magani mai tsada da takarda mai layi uku. Ko ni ne ba zan sa hannu ba. Ba cewa ya yi maganin bai dace ba, cewa ya yi ba a nuna mishi ba.

Majo mai ritaya: Bari in shigo nan don ɓangarena ne. Ɗana, je ka buɗe takardun madam ka nemo sakamakon anapat, wato na naman da aka yanka aka kai labo. Ka duba inda aka rubuta HER2, me ke gabanshi? Maganin nan ba na kowace kansar mama ba ne, yana aiki ne kawai in ƙarin yana da wannan alama da yawa, kuma mata kamar ɗaya cikin biyar ko shida ne ke da ita. In an rubuta 3+ magana ta ƙare, hujja ta samu. In 2+ ne to tsaka-tsaki ne, sai an sake wani gwaji FISH ya tabbatar, in ba a yi shi ba kamfani na da gaskiyarsu su tsaya. In 0 ne ko 1+ to ba kamfani za ka tambaya ba, likitan za ka koma ka tambaya.

Na Bagalam: Baba majo na duba, HER2 3+ aka sa. Ƙarin santimita 3, kuma an rubuta kaluluwa 2 na hammata sun kamu. Wallahi ban san wannan takardar ita ce muhimmiya ba, tana cikin leda tun watan da aka yi aiki.

Majo mai ritaya: Alhamdu lillahi, ita ce ƙashin bayan dosiyenka. Yanzu ka koma wurin likitan da ya rubuta maganin ka roƙe shi rahoto na gaske, shafi ɗaya ya isa amma ya ƙunshi abu. Ya faɗi cutar da matakinta da ranar da aka gano, ya kawo sakamakon HER2 da lambar takardar labon, ya faɗi abin da aka riga aka yi, aiki da shimiyo. Sannan ya faɗi me ya sa shimiyo kaɗai ba ta wadatar ba, irin wannan kansar tana saurin dawowa, kuma manyan binciken da aka fitar a 2005 sun nuna ƙara wannan magani na rage dawowarta da kusan rabi a shekarun farko. Ya sa kuma cewa hukumar lafiya ta duniya ta shigar da shi cikin jerin magungunan dole tun 2015, don kar wani ya ce maganin gwaji ne ko na ƴan gayu.

Sai lissafi, wannan likitoci na yawan tsallake shi su ce ai an sani. Nauyinta nawa?

Na Bagalam: Kilo 62.

Majo mai ritaya: To zagayen farko miligaram 8 ne a kowane kilo, 496 ke nan, kwalbar 150 sai an fasa 4. Daga nan miligaram 6 a kilo, 372, kwalba 3. Ka ga 4 da 3 shi ne kwalba 7 ɗin da ka saya, donk faktir ɗinka ya yi daidai da nauyinta, a rubuta haka ɓaro-ɓaro don mai dubawa ya ga ba a yi ƙari ba. Shekara guda zagaye 18 ne, 4 da 51, kwalba 55. Kar ka manta da eko na zuciya, maganin na iya raunana zuciya shi ya sa ake dubawa kafin a fara sannan kowane wata 3. In an yi ka haɗa, in ba a yi ba to wannan ya fi maganar kuɗi gaggawa.

Na Bagalam: An yi kafin a fara, FEVG, wato ƙarfin da zuciya ke tura jini, 60% aka rubuta. Amma kwalba 55 a jikka 200, miliyan 11 fa ke nan. Inna lillahi.

Hajiya ta Mokoyo: Mu ma haka anka yi muna lokacin da mai gidana ya yi hatsari hanyar Dakoro, motar ta kwana wata da watanni garaji suna ta kawo wannan kawo wancan, ƙarshe rabi sunka biya. Duk halinsu ɗaya.

Ɗan Tibiri: Hajiya wannan ta mota ce ai, daban take. Amma ni dai na san doka. Dokar CIMA, wato dokar asiransi ta ƙasashenmu, aya ta 8 ta ce duk sharaɗin da ke hana mutum haƙƙinsa sai an rubuta shi da manyan baƙaƙe da ke fita sosai a kwantara, in ba haka ba bai da amfani. Donk maganar izini ta mutu, ka rubuta musu aya ta 8 kawai su biya.

Tsohon ɗan asiransi: Ɗan Tibiri ayar gaskiya ce, haka take, amma ka yi saurin binne maganar. Na farko ba mu ga kwantarar ba, wataƙila an rubuta shi baƙi ƙirin cikin akwati. Na biyu kamfani zai ce wannan ba sharaɗin ƙwace haƙƙi ba ne, sharaɗin shiga garanti ne tun farko, kuma lauyoyi na jayayya a kan wannan bambanci, ni ba zan rantse maka wa zai ci ba. Na uku a tabbatar ma kamfanin asiransi ne ba mitiyel ba, don mitiyel ta ma'aikata ba dokar CIMA ke tafiyar da ita ba, tata dokar ta UEMOA ce ta 2009. Mutane na kiran duka biyun asiransi.

Na Bagalam, tunda ta wurin aiki ce, kwantarar tana hannun mai kula da ma'aikata, kai kati kawai aka ba ka. Je ka karɓi kofi gaba ɗaya har da teburin garanti. Ka dubo mini inda aka yi maganar izinin farko da yadda aka rubuta shi, ko akwai togiya ta gaggawa, da kwana nawa aka ba mutum ya ƙalubalanci ƙi, sai filafon, wato iyakar abin da suke biya a shekara.

Na Bagalam: Kamfani ne ba mitiyel ba. Na samo, ga abin da na gani. Izinin farko yana shafi na tsakiya da rubutu irin na sauran, ba a ƙara mishi girma ba. An ce in gaggawa ce a sanar da su cikin awa 48. Filafon miliyan 5 ga mutum a shekara. Kansa ba ta cikin abin da aka cire. Kwanakin ƙalubale ban ga an sa ba.

Ɗan Tibiri: Kun ji ko! Rubutu irin na sauran. Na faɗa.

Tsohon ɗan asiransi: Ka samu maki ɗaya, a sa shi a wasiƙa, amma da ladabi kuma ba shi ne gaba ba. Abin da ba na so shi ne Na Bagalam ya fake da gaggawa. Magani da aka tsara kowane sati 3 ba gaggawa ba ne irin ta mai haɗari, kuma awa 48 sun wuce tuntuni, in ya ce gaggawa za su kama shi a nan su manta da sauran. Gara ya faɗi gaskiya, ba a nemi izini ba, amma amfanin izinin shi ne likitansu ya duba ko maganin ya dace, to ga duk abin da zai duba, kuma da an nema a lokacin amsar da takardun nan za su bayar ita ce dai ta yau, kamfani bai yi asarar ko dala ba saboda jinkirin.

Sannan abin da mutane ke mantawa, buƙata biyu ce a wasiƙar ba ɗaya ba. Akwai kuɗin da ya wuce, kashi 80 na miliyan 1 da jikka 400, wato miliyan 1 da jikka 120. Akwai kuma izinin zagaye 16 da suka rage, wannan shi ya fi nauyi nesa ba kusa ba. A raba su a rubuce, don ko sun taurare a kan na baya kar su riƙe na gaba da shi.

Ga yadda zan tsara, kai ka juya shi faransanci ko ka ba wanda hannunshi ya faɗa. Sama ka sa lambar kwantara, lambar kati, lambar dosiye da ranar takardar ƙin.

"Ina neman a sake duba shawarar da kuka yanke a takardarku mai lamba kaza ta ranar kaza, wadda ta ƙi biyan faktir biyu na maganin matata, jimla 1.400.000. Kun kawo dalili biyu. Game da hujjar likita, na haɗo rahoton likitan da ke kula da ita da sakamakon labo da na eko cikin ambulan rufaffe zuwa ga likitanku. Game da izinin farko, gaskiya ne ba a nema ba kafin zagaye biyun farko. Sai dai cutar tana cikin abin da kwantara ta ɗauka, takardun da ke hannunku yanzu su ne waɗanda za a nema a lokacin, kuma sharaɗin bai fito da rubutu na musamman ba kamar yadda aya ta 8 ta dokar CIMA ta tanada. Don haka ina neman abu biyu. Na ɗaya a biya kashi 80, wato 1.120.000. Na biyu a ba da izinin sauran zagaye 16 kafin ranar kaza, ranar zagaye na gaba. In likitanku bai gamsu ba, ina neman ya tuntuɓi likitanta kai tsaye, kuma a ba ni dalilin a rubuce tare da sashen kwantarar da aka dogara da shi."

Shi ke nan, sai jerin takardun da ka haɗa da sa hannu. Ba zagi, ba barazana, ba maganar yara.

Hajiya ta Mokoyo: Haba Alhaji, ko layi guda na halin da ake ciki ba a sawa? Su ma mutane ne hwa.

Tsohon ɗan asiransi: Hajiya layi ɗaya ba ya ɓata komai, ya sa in ranshi na so. Shafi uku ne ke binne buƙatar har mai karatu ya rasa me ake nema.

Mai famasi: Ina biye da ku tun ɗazu. Abu biyu zan ƙara daga ɓangarenmu. Ranar nan da Alhaji ya ce a sa, a ba ta dalili a rahoton likita. Ƙa'idar maganin ita ce in aka makara fiye da sati guda sai an koma babban awo na farko, miligaram 8 a kilo, wato ga madam kwalba 4 maimakon 3. Ka ga jinkirinsu su ma zai ci musu kuɗi, wannan harshe ne da suke ji.

Na biyu, 372 ake buƙata ana fasa 450, kowane zagaye ana zubar da 78 a banza. Akwai kwalbar 440, irin wadda in an haɗa ta da ruwanta na musamman tana kai kwana 28 a firigo, guda ɗaya ta isa zagaye har da saura. Kuma akwai biyosimila, wato irinsa na wasu kamfanoni, hukumar lafiya ta duniya ta tantance na farko a ƙarshen 2019, yawanci sun fi araha. Ka tambayi likita in ya yarda, ka samo debi biyu ka haɗa. Kamfani in ya ga kai da kanka ka nemo mai sauƙi ya fi saurin sa hannu. Amma don Allah ban da na hannun ƴan kasuwa da aka ɗauko a bayan mota cikin zafin nan, maganin firigo ne tsakanin digiri 2 da 8, kuma faktir marar tampo na famasi sananne wani dalilin ƙi ne sabo.

Ɗan Tibiri: To ai ni na ji ma wata 6 ya isa, turawa sun yi bincike. Me zai sa ya nemi shekara alhali filafon miliyan 5 ne? Ya nemi wata 6 kawai a gama.

Majo mai ritaya: Ka ji rabi. An yi wani babban bincike a Ingila da aka fitar 2019, ya nuna wata 6 bai gaza shekara da wani abin kirki ba. Amma na Faransa da aka yi kan tambaya guda bai iya tabbatar da haka ba, kuma har yanzu shekara ita ce ƙa'idar da aka fi bi. Inda kuɗi suka yi ƙaranci likitoci kan zaɓi wata 6, ya fi babu nesa. Amma mace mai kaluluwa 2 da suka kamu, ba miji ne zai rage mata a wasiƙar asiransi ba, ba kuma mu nan ba. Likitanta ne.

Mai famasi: Baba majo ni kam a nan ina ɗan bayan Ɗan Tibiri. Na ga waɗanda suka fara da niyyar shekara suka tsaya a zagaye na 4 don aljihu ya ƙare. Gara a zauna da likita tun yanzu a yi lissafin abin da za a iya kaiwa ƙarshe.

Majo mai ritaya: A zauna da likita, e. Amma a takarda a nemi 18. In ka nemi 9 da bakinka ba za su ƙara maka ba daga baya.

Tsohon ɗan asiransi: Kan filafon ɗin, kashi 80 na miliyan 11 miliyan 8 da jikka 800 ne, ya haura 5, gaskiya. Kuma aiki da shimiyo sun riga sun ci wani abu a na bana, ka nemi su rubuta maka nawa ya rage. Amma jinyar za ta ratsa shekara biyu ta kwantara, in wurin aikinku sun sabunta filafon na komawa sabo. Shi ya sa nake so ka sa mai kula da ma'aikatanku a kofi, in akwai kurtiye, wato dillalin asiransi, shi ma, don kamfanin da ke biyan kuɗin mutum da yawa muryarshi ta fi taka. Nan ne maganar Hajiya ta ƙafa ke da wuri, bayan takarda ta shiga ba kafin ba. Rahoton likita kuwa kar ya bi ta wurin aikinku, sirrin madam ne, ambulan rufaffe da sunan medisan konsai a bayanshi, wasiƙar kawai za su gani.

Wajen kaiwa, ka yi kofi biyu su buga maka tampo da kwanan wata a naka. Kuma ka aika wani ta posta rekomande mai takardar shaidar karɓa zuwa hedikwatarsu, don reshen nan Maradi yawanci Yamai suke turawa. Dalili, aya ta 28 ta ba da shekara 2 ne a yi ƙara kan abin da ya taso daga kwantara, aya ta 29 kuma ta ce irin wannan wasiƙa rekomande tana katse lissafin. Asalin takardun labo kar ka ba kowa, kofi.

Ɗan Tibiri: In sun yi shiru fa? Sai mu dawo maganata.

Tsohon ɗan asiransi: In sun yi shiru ko sun sake ƙi, akwai ofishin gwamnati da ke sa ido kan kamfanonin asiransi a Yamai, a kai ƙorafi can da kofin komai. Ka duba kuma kwantara ko ta tanadi likita na uku da zai raba gardama in likitoci biyu sun saɓa, da yawa suna da shi. Kotu tana nan ba ta gudu, amma zagaye na gaba sati 3 ne, kotu ba ta san sati 3 ba.

Na Bagalam: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Matsalar yanzu likitan yana Yamai kuma sai ranar zagaye muke ganinshi, saura kwana 12. In kai wasiƙar gobe rahoto ya biyo baya, ko in jira in haɗa duka?

Tsohon ɗan asiransi: Kai gobe da sakamakon anapat da eko, ka rubuta cewa rahoto na tafe. Neman izinin ya shiga da kwanan wata kafin zagaye na 3, kar a sake cewa ba ka nema ba.

Majo mai ritaya: Ni da zan so su tafi tare, dosiye rabi-rabi yakan ɓace tsakanin tebur biyu. Ka kira sakatariyar likitan da safe, in ya rubuta a ba wani ya sa maka a motar Yamai, kwana ɗaya ce. Ka tura mishi hoton takardar ƙin ma don ya san me zai amsa.

Na Bagalam: To zan kira da safe in ji. In ya ce sai sati mai zuwa zan bi ta Alhaji. Mai famasi don Allah duba min inbox kan maganar kwalbar 440 ɗin.